Jirin kunnen ciki da jirin gindin ƙwaƙwalwa

Wajen bambanta jirin nan biyu, likitoci sun fi tsayawa kan wanda jiri ya kama kwatsam, ya ƙi sakinsa awanni, ga amai, ga idanu suna fizga. A sa shi ya kafe ido kan hancin likita, sannan a juya kansa da sauri. Idan idon ya zame sannan ya dawo, an fi zargin kumburin jijiyar kunnen ciki, amma idan bai zame ba, a ji tsoron shanyewar gindin ƙwaƙwalwa, abin da ke ruɗar sabon likita, domin a nan idon da ya yi kamar lafiya shi ne alamar haɗari. Haka kuma idan fizgar ido tana sauya ɓangare gwargwadon inda ya duba, ko ya kasa zama ba tallafi, a gaggauta hoton ƙwaƙwalwa.