Gwada Manhajojin Ciro Jadawali Gurbi-Gurbi

A wata tattaunawa kan yadda za a auna ingancin manhajojin da ke ciro jadawali daga takardun PDF, shawarar da masu tattaunawar suka fi nanatawa ita ce a rubuta amsar gaskiya, wato ainihin abin da ke cikin jadawalin, da hannu tukuna, sannan a gwada manhajojin Tabula da Camelot a kan takardu ɗaya. Jadawali mai layi 10 da ginshiƙi 5 gurbi 50 ne; idan 45 suka dace, kashi 90 cikin ɗari ke nan. Sai dai wata ta ja hankali: in manhaja ta tsallake layin farko, sauran duk su gusa, makin ya rushe alhali rubutun daidai yake. Don haka a daidaita layukan kafin ƙirga. A kuma yanke tun farko ko 1,200 da 1200 ɗaya ne. Ni dai na fi yarda da wanda ya ce a ware makin kowace takarda, domin babban jadawali ɗaya kan danne sauran.