Dole ne kowane yanka ya sauka kan bugun kiɗa?

Sani Montaj: Ni dai magana ɗaya nake yi, montaj mai sauri in ba kowane bugu da nasa shot ba, yanka ya sauka cif a kan bugun, to ba aiki ba ne. Mai ja ya fito.

Malam Buba: Ga ni na fito Sani. Cif ɗin da kake faɗa ma wani lokaci ba ya yiwuwa. Ɗauki kiɗa mai 120 BPM, bugu biyu kenan a sakan ɗaya, kai kuma taimlayin ɗinka 25 fps ne kamar yadda yawancinmu muke aiki a nan Garwa, to kowane bugu firam 12 da rabi ne, kuma ba a yanka rabin firam. In ka yanka shot ɗaya firam 12 ka yi ta maimaita tsawon nan, kowane yanka kana rasa rabin firam, kafin ka kai yanka 40 hoto ya riga kiɗa da firam 20, kusan sakan guda. Sai dai ka riƙa yin 12, 13, 12, 13.

Sani Montaj: To ai Malam maganata ka ƙarfafa, ka ga dai bugun ake bi

Malam Buba: Bin bugu daban, yanka a kowane bugu daban. Wancan fa lissafi kawai na gyara maka.

Hadiza Marwa: Malam don Allah ni matsalata wata ce. Na yi montaj ɗin bikin ƙawata, kamu da ɗaurin aure da kai amarya duk cikin minti ɗaya, ina jin waƙar ina danna M a Premiere ina sa maka, wato alama, a kowane bugu, na jera shot a kansu tsaf, amma da muka kalla a talabijin ɗin gidansu kowane yanka sai ya zo a makare kamar hoton na jan ƙafa

Malam Buba: Da wane abin kunne kika yi aikin ƙanwata?

Hadiza Marwa: na Bluetooth

Malam Buba: Ga ɓarawon nan. Bluetooth na jinkirta sauti, sau da yawa milisakan 150 zuwa 200, firam ɗaya kuma a 25 fps milisakan 40 ne, kin ga firam 4 ko 5 kenan sun tafi tun kafin a sa jinkirin yatsanki. Ki buɗe layin sautin ki faɗaɗa shi sosai, za ki ga inda zanen ya yi tsini lokacin da ganga ta buga, ki duba makarki za ki same ta a bayan tsinin. Ki ja kowace zuwa farkon tsinin, ba tsakiyarsa ba. Ni ma har firam ɗaya nake ja baya, sabon shot ya riga bugun shigowa, don ido na ɗan ɗaukar lokaci kafin ya gane hoto ya canza.

Sani Montaj: Wannan na firam ɗaya ban yarda ba wallahi, a waya wa zai ga bambanci

Abakar Njamena: Ku kuna wahalar da kanku, a ƙara wa bidiyon gudu kawai x2 ai ya zama mai sauri

Hadiza Marwa: Yaya Abakar ba gudun kilip ake magana ba, inda ake yankawa ne

Abakar Njamena: To CapCut ai na sa ɗigon bugu da kansa

Malam Buba: Yana sawa, kuma a kiɗan situdiyo da aka yi da inji yakan dace. Gwada shi da kalangu ko gangar da aka ɗauka a fili, makaɗi in an yi masa liƙi hannunsa sauri yake ƙarawa, a nan kunnenka da zanen sautin za ka bi. Amma Sani koma kan maganarka. Ɗauki hawan sallah, dawakai sun taho a guje za su yi gaisuwa gaban Lamiɗo. Abin da mai kallo ke jira shi ne lokacin da mahayi ya ja linzami doki ya turje ƙura ta tashi. In kana yanka kowane rabin sakan za ka datse shi kafin dokin ya tsaya. Ni sai in shigo da shot ɗin bugu biyu kafin nan, in zame kilip ɗin har turjewar ta faɗo kan babban bugu, in bar shi ya ci bugu huɗu, sannan in watsa gajeru guda huɗu, algaita, rawani, kofato, fuskar yaro. Gajerun sai su yi zafi saboda dogon da ya riga su.

Sani Montaj: Na dokin na yarda. Amma masu ba ni aiki na status ne, sakan 30, in ba su ga hoto na tsalle da kiɗa ba cewa suke ban yi komai ba, kuma su ke biyan sefa

Hadiza Marwa: Sakan 30 a 120 BPM shot 60 fa kenan Sani, kana da shot 60 masu kyau daga biki ɗaya?

Sani Montaj: Ana maimaitawa mana, a ɗan yi zum a canza kala

Malam Buba: Turo min kiɗan da kilip ɗin da daddare in wuta ta dawo, kai ka yi naka in yi nawa, a zuba su nan ba suna.

Sani Montaj: Na yarda, amma Abakar ba ya cikin alƙalai