Wutar tsakiya ta fe, me za mu ce mata da Hausa?

Malam Oto-ekol: Salama alaikum ƴan Damagaram. Ina koya ma ƴan kabu-kabu kod da Hausa, ja da kore ba matsala, amma ta tsakiyar nan oranj ta gagare ni, in na ce ruwan goro launi kawai na faɗa ban faɗi aikinta ba. Ku ba ni suna.

Ɗan Birni: wutar shiri mana malam, ai shiri take cewa a yi

Tsohon Direba: Shirin me ɗana? Nan ake kuskure. Tsarin da muka gada na Faransa, kore ke faɗawa oranj, oranj ta faɗa ja, ja kuma ta koma kore kai tsaye. Kenan oranj tsaya take nufi, sai fa wanda ya riga ya iso layi har in ya taka birki na baya zai hau shi, shi wannan ya wuce. Ka ce shiri, yaro zai murɗa totur ne. Ni wutar dakata zan ce.

Hajiya Zango: To ni ku warware min, rannan kore ta ba ni hanya ƙarara, polis yana tsaye tsakiyar mararraba ya juya min baya hannu a miƙe, na wuce abina sai na ji usur. Mutumin da ko kallona bai yi ba!

Tsohon Direba: Hajiya ki yi haƙuri, gaskiyarsa. In ya shimfiɗa hannu a kwance, wanda ke fuskantar ƙirjinsa da wanda ke bayansa duk tsayawa ne, masu zuwa ta gefen kafaɗunsa su ke da hanya, kuma ko ya gaji ya sauke hannun hukuncin na nan sai ya juya. Muddin yana ba da hannu, wuta ba ta da magana, in ga ruwa ai taimama ta ɓaci. Polis ya fi wuta, wuta ta fi allo, in duk babu sai ki ba na damarki.

Malam Oto-ekol: Haka yake, har cikin yarjejeniyar Biyana ta 1968. Kuma in ya ɗaga hannu ɗaya sama, kowa ya tsaya, wanda ke cikin mararraba ya ƙarasa fita, aikin oranj ɗin kenan sak. To sai in ce hannun dakata, wutar dakata, sun tafi tare.

Ɗan Birni: to mai ƙyaftawa fa, wadda take ta ƙyaf ƙyaf ba ja ba kore? ita ai ba a tsaya mata, rage gudu ake a duba allo ko dama. in ka ce mata dakata ka yi ƙarya

Tsohon Direba: Nan kam ka kama ni. Wutar hattara?

Hajiya Zango: Hattara da dakata a kunnen ɗan kabu-kabu duk ɗaya ne wallahi, ku sake nema.