Neman shawara: kebul 47, waifai 9, laifin wa?

Mai shagon buga takardu, Jekadafari:
Salama alaikum 'yan uwa. Ina biyan kuɗin intanet na 50 Mbps. Da safe na gwada da kwamfuta ta kebul, ta ba ni 47. Da daddare na gwada da wayata a ɗakin baya ta waifai, 9 kacal. Cutata ake yi ne?

Ɗalibi daga Pantami:
Yaya, kamfanin ne. Da dare kowa na kan layi, sai gudu ya ragu. Kira su kawai.

Mai haɗa na'urori, Tudun Wada:
Ƙanena, cunkoson dare gaskiya ne, amma kada a yi saurin ɗora laifi. Alhaji, abu huɗu ka canza lokaci guda: na'ura, wuri, lokaci da hanyar haɗi. Ta yaya za a gane wanne ya jawo?

Kebul hanyarka ce kai kaɗai. Waifai kuwa iska ɗaya kuke rabawa da duk wayar da ke shagon, har da rautocin maƙwabta, kuma bi da bi ake magana a kanta. Ga bangon bulo, ga ƙofar ƙarfe, kowanne na cin rabonsa kafin sigina ya kai ɗakin baya.

Ga yadda nake yi wa mutane. Ɗauki kwamfutar nan ɗaya, ka cire kowa daga rauta, ka kashe VPN. Buɗe speedtest.net, ka lura da sunan sabar da ya zaɓa, kada ka bari ta canza. Gwada sau uku da kebul. Zare kebul ɗin, ka zauna taku biyu daga rauta, sau uku ta waifai. Sannan ɗakin baya, sau uku. Duk a zama ɗaya.

In kebul ya tsaya wajen 47, kusa da rauta 40 da wani abu, ɗakin baya 9, to bango ne da nisa. In kebul ɗin ma ya faɗi da dare, a nan ne kake da hujjar kiran kamfani. Ka duba kuma ko kana kan 2.4 GHz ne ko 5 GHz. Na biyun ya fi gudu a kusa, amma bango na saurin karya shi.

Malama daga Bolari:
Ni nawa akasin haka ne. Waifai ya wuce 150, kebul ya ƙi wuce 94.

Mai haɗa na'urori:
Hajiya, 94 alama ce sananniya: haɗin ya tsaya a 100 Mbps. Ko ramin kwamfutar iyakarsa ke nan, ko siliya ɗaya cikin takwas na kebul ɗin ta tsinke. Fara da canza kebul.

Mai shago:
Na gode ƙwarai. Yanzu na gwada: kebul 46, kusa da rauta 41, ɗakin baya 12. Sai dai wayata ko a jikin rauta 20 take ba ni. Tsufanta ne, ko akwai abin da zan taɓa a ciki?