Fenti ya ƙare mini a tsakiyar tanki, ku yaya kuke auna naku?

Mai Tanki: Assalamu alaikum. Tankin ƙarfe gare ni mai siffar ganga, faɗin bakinsa mita 1.4, tsayi mita 2. Na ninka su na samu 2.8, na ninka biyu saboda gaba da baya, 5.6. Gwangwanin fentin ya ce lita ɗaya tana shafe murabba'in mita 10, sai na sayi lita ɗaya da rabi. Shafi na biyu ko rabi bai kai ba burushi ya bushe. A ina na kuskure?

Baban Walda: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka auna tanki kamar ƙofa. Mu da muke naɗa falle mun san faɗin baki sau uku ake yi a samu kewaye. 1.4 sau 3, 4.2 ke nan. Shekaru nake haka.

Malamar Lissafi: Baba ya kusa, amma ukun da ɗoriya, 22/7 ne. Ni da gwangwanin madara na fahimtar da 'yata. Mun ɓare takardar jikinsa muka shimfiɗa, sai ga ta miƙe sambal mai kusurwa huɗu. Tsawonta shi ne kewayen gwangwanin, faɗinta kuma tsayinsa. Saura faifai biyu, murfi da gindi.

To tankinka haka yake. Kewayensa 22/7 × 1.4 = mita 4.4, sau tsayi 2, jiki kaɗai murabba'in mita 8.8. Murfi kuwa da rabin faɗi ake yi, 22/7 × 0.7 × 0.7 = 1.54. Idan gindin a ƙasa yake zaune, 10.34 ke nan, shafi biyu 20.68. Lita biyu da 'yar ɗoriya kake bukata tun farko.

Ɗan Autan Gida: Namu mai cin lita 3,000 ne, fenti nawa zan saya?

Malamar Lissafi: Ƙanena, wannan ruwan cikinsa ne, fenti kuwa fatarsa yake bi. Dogo siriri da gajere mai faɗi za su iya cin ruwa ɗaya, fentinsu ya bambanta. Zagaya shi da igiya ka auna, ka kawo mana har da tsayi.

Baban Walda: Na karɓi gyara, Malama. Amma kada a bar gindi idan a kan ƙarafa aka ɗora tankin, can tsatsa take fara ci. Na taɓa barinsa, daga nan ya fara yoyo. Mai Tanki, naka zai koma 11.88 a shafi ɗaya.

Uwar Biyu: Nawa mai ƙwarya-ƙwarya ne a jiki kamar kwanon rufi. Na bi lissafin nan daidai, duk da haka bai isa ba.

Baban Walda: Hajiya, kwanta igiyar ta bi kowane lanƙwasa daga sama har ƙasa, wannan ne tsayin da za ki ninka.

Uwar Biyu: Ai nawa a tsaye suke, ba a kwance ba. Igiyar kewaye kuwa tsallake su take yi.