Wane suna za mu ba alamar # da Hausa?

Mai Jakar Fata: Jama'a salamu alaikum. Gobe zan koya ma matan ƙungiyarmu a Mabera yadda ake tallan haja a waya ba tare da biyan kuɗin talla ba, amma kalmar hashtak ta tsaya min a wuya. Ni dai na ce "shinge" don haka alamar take kama. Ko akwai wadda ta fi?

Ɗan Kanwuri: Hajiya shinge ai tarewa shikai, wagga kuwa tarawa takai. In ka danna #Sokoto duk abin da anka ɗora da sunan zai fito wuri guda. Ni "matattara" nike cewa.

Mai Kilishi: ba ita ce ake sa sunan mutum ya ga saƙo ba? ku ce ambato kawai

Ɗan Kanwuri: A'a, waccan @ ce. Hajiya abin da ya kamata ki gaya musu shi ne masu saye ba ɗaya ba ne. A Instagram mace guda ce ke neman jaka guda, da ido take saye, to kar a ɓata wuri da #fashion inda hoton zai nutse cikin miliyoyi kafin ki ajiye waya, a sa sunan kayan da na gari, kamar #leatherbag da #Sokoto. A LinkedIn kuwa ma'aikacin ofis ne da anka ce ya samo jakunkuna hamsin na mahalarta taron bita, shi farashin sari da ranar kai kaya yake son gani a rubuce, sai #CorporateGifts da #MadeInNigeria a ƙasa, uku sun isa. Wanda ya jera ishirin can sai a ɗauke shi ba da gaske yake ba.

Mai Kilishi: to ni a Instagram talatin na saba cikawa tunda kyauta ce

Ɗan Kanwuri: Da can iyakar ke nan, talatin, amma tun Disambar 2024 sunka cire damar bin hashtak, kuma shugabansu Adam Mosseri da bakinsa ya ce ba ta ƙara yawan masu gani sosai. Ki rubuta "jakar fata Sokoto" cikin bayanin hoton ma, bincike na kama kalmomin. Kuma in shafin a kulle yake ba baƙon da zai gani.

Malamin Hausa: Matattara sunan wurin da ake isa ne, ba na alamar ba. "Laƙabi" ya fi kusa. Sannan a kula, #ƙosai da #kosai biyu ne daban, kuma waƙafin sama na yanke ta, #sana'a zai tsaya a #sana.

Mai Jakar Fata: Malam laƙabi za su zaci sunan shago nake nufi. Gobe zan gwada matattara in ga ko za ta zauna a bakinsu.

Mai Kilishi: wallahi hash za su ci gaba da cewa, tun loda kati sunka saba