Gurbi ɗaya, mutum biyu, zuciyata kuma ta riga ta zaɓa

Maman Ilham: Salamu alaikum. Muna neman mai kula da sito, an yi wa mutum 6 intabiyu, muka tace saura 2. Na farkon yana shigowa jininmu ya haɗu, ashe makaranta ɗaya muka yi. Minti 40 muka kwashe da shi. Na biyun bai cika magana ba, minti 15 muka sallame shi. Amma da na ba su takardar lissafin kaya mai kuskure 3, na biyun ya gano duka, na farkon guda ɗaya. Abokin aikina ya ce mu bi zuciya. Jibi zan miƙa suna. Don Allah a ba ni shawara.

Abu Sadik: Wa alaikumus salam. Hajiya, ki ba su gwaji kawai ki ga wanda ya iya.

Ummu Hanan: Malam, ai ta ce ta ba su. A riƙa karantawa har ƙarshe.

Tsohon Akawu: Hajiya, ɗauko abin da kika rubuta ranar. Cikin minti 40 ɗin, nawa aka yi a kan sito, nawa a kan malaman makarantarku? Sannan dubi kalmomin. In a gaban na farko kin rubuta "mai hankali, mai fara'a", a gaban na biyu kuma "ya gano rasit da aka shigar sau biyu", to ɗaya ra'ayi ne, ɗaya hujja. Wanda ya kwanta mana a rai, in ya yi tuntuɓe mu muke ƙarasa masa amsar. Wanda bai kwanta ba, shiru muke yi ya ƙarasa faɗuwa. Ki sake kiransu gobe. Tambaya 5 iri ɗaya, a jere ɗaya, lokaci ɗaya. Kafin su shigo ki rubuta wace irin amsa ce ta maki 1, wace ce ta maki 5. Kowace amsa a ba ta makinta kafin a wuce ta gaba. Ke da abokin aikinki kowa ya cika takardarsa shi kaɗai, sannan ku haɗa. Wanda ya fi ƙanƙanta a muƙami shi zai fara magana.

Mai Neman Sa'a: Ni ne wannan na biyun, a wani wuri. Sau uku ana kirana wani kamfani. Na ci gwajin, sakatariyar ma ta yi mini murna. Ranar ƙarshe manajan da ɗayan yaron suka gano ƙungiyar ƙwallo ɗaya suke goyon baya, ina zaune a waje ina jin dariyarsu. Aka ce wai ni "ba zan saje da su ba". Wata 5 suka kore shi, suka buga mini waya. Ban ɗauka ba. Har yau in na ji kalmar "sajewa" raina ɓaci yake.

Bala Direba: Ka ga laifinka, da ka tambayi mai gadi wace ƙungiya oga yake yi.

Abu Sadik: Wasa a gefe, an ce daƙiƙa 7 na farko ake yanke wa mutum hukunci. Maganin shi ne a goge sunaye da makarantu daga takardu, shi ke nan.

Tsohon Akawu: Bai ma kai 7 ba. Masu bincike Willis da Todorov a 2006 sun nuna kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya isa mutum ya yanke wa fuska hukuncin amana. Goge suna yana da amfani wurin tace takardu: a binciken Bertrand da Mullainathan na 2004 a Boston da Chicago, takardu masu sunayen farar fata sun fi masu sunayen baƙar fata samun kira da kusan kashi 50 cikin 100. Amma Hajiya ta riga ta ga fuskokinsu, me za ta goge?

Alhaji Na Sama: Shekara 22 ina ɗaukar ma'aikata da ido, ban taɓa buƙatar bokon nan ba. Sito amana yake so, amana kuwa ba ta fitowa a maki.

Ummu Hanan: Ranka ya daɗe, waɗanda idonka ya ƙi, ka taɓa bin sawunsu ka ga yadda suka kasance?

Alhaji Na Sama: Yarinya, ke mutum nawa kika taɓa ɗauka?

Mai Neman Sa'a: Ni abin da ya fi ci mini rai ma shirun nan ne. A yi maka intabiyu, a ce za a neme ka, wata 2 ko saƙo babu.

Bala Direba: Ni tun bara ake "za a neme ni".

Maman Ilham: Kun tuna mini, sauran huɗun ban sanar da su ba, yau zan yi. Malam Tsohon Akawu, na duba takardata, "natsattse" kawai na rubuta wa na farkon. To in gobe makinsu ya zo daidai fa?